Darasi na Tara: Sarƙewar Sauti da Shirun Kunne Ɗaya a Iyafis Mai Bulutut

Manufar darasi

Wannan darasi ya shafi matsaloli biyu da suka fi damun masu amfani da iyafis marar waya, wato na'urar sauraro da ake sawa a kunne wadda ke karɓar sauti daga wayar salula ta hanyar bulutut. Matsala ta farko ita ce iyafis ya haɗu da waya, allo ya nuna Connected, amma sauti ya riƙa sarƙewa yana yankewa. Ta biyu ita ce kunne ɗaya ya yi magana, ɗayan ya yi shiru. A ƙarshen darasin ana so ɗalibi ya iya bambanta laifin hanya da laifin na'ura, ya kuma san gwajin da ya kamata ya fara yi kafin ya kai kayansa wurin mai gyara ko ya sayi sabo.

Yadda sauti ke zuwa kunne

Bulutut hanya ce ta aika bayanai tsakanin na'urori biyu da ke kusa da juna ta amfani da igiyar rediyo mai ƙarancin ƙarfi, kuma kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ne ya fara aikin ƙirƙiro ta a shekarar 1994. Tana aiki a kan zangon rediyo na gigahaz 2.4, wanda aka raba mata gida 79, kowane gida kuwa ana kiransa tasha. Waya da iyafis ba sa zama a kan tasha ɗaya, suna tsalle ne tare daga wannan tasha zuwa waccan har sau 1,600 a cikin daƙiƙa guda, domin idan wata tasha tana da hayaniya su bar ta kafin ɓarnar ta yi yawa. Ƙarfin da yawancin wayoyi da iyafis ke aikawa da shi kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa nisan da ake dogara da shi bai wuce kimanin mita 10 ba, wannan ma sai a fili inda babu bango ko wani shinge a tsakani.

Sautin ba ya tafiya a miƙe kamar yadda yake bi ta cikin wayar iyafis na da. Wayar salula tana matse shi tukuna don ya rage nauyi, ta yanyanka shi ƙanana, sannan ta aika da shi ƙunshi bayan ƙunshi. Idan ƙunshi ya lalace a hanya, iyafis ba zai tabbatar da karɓarsa ba, sai waya ta sake aiko shi. Domin kada mai sauraro ya ji wannan jinkiri, iyafis yana tara sauti kaɗan a cikin wata 'yar ma'ajiya kafin ya fara fitar da shi, kuma abin da ke cikinta bai kai na rabin daƙiƙa ba. Ma'ajiyar tana kama da randar da ake zuba wa ruwa ta sama ana ɗiba ta ƙasa: muddin mai zubawa yana cim ma mai ɗiba, ba za a ga gindin randa ba, amma idan ya yi jinkiri fiye da abin da ke ciki, sai ruwa ya yanke. Sarƙewar da ake ji a kunne ita ce lokacin da ma'ajiyar ta ƙare kafin sabon ƙunshi ya iso.

Daga wannan bayani za a fahimci cewa kalmar Connected da ke kan allo ba shaida ba ce ta lafiyar hanya, domin abin da take nufi kawai shi ne na'urorin biyu sun san juna kuma ba su rabu ba tukuna. Haɗin da ke zubar da ƙunshi da yawa zai ci gaba da nuna Connected alhali sauti yana ta yankewa.

Abubuwan da ke sa sauti ya sarƙe

Dalili na farko, wanda mutane da yawa ba sa zato, shi ne jikin mai sauraron kansa. Mafi yawan jikin ɗan Adam ruwa ne, ruwa kuwa yana shanye igiyar rediyo ta wannan zango, saboda haka wayar da ke aljihun baya na wando, ko can ƙasan jaka a gefen da ba na kunnen da ke karɓar saƙon waya ba, sai saƙonta ya ratsa ko ya kewaye jiki kafin ya kai kunne. A cikin ɗaki matsalar ba ta cika bayyana ba, domin igiyar tana bugun bango da rufi ta dawo ta wata hanya. A fili kuwa, kamar kan titi ko gona, babu abin da zai dawo da ita, shi ya sa iyafis da ke aiki lafiya a ɗaki yake fara sarƙewa da zarar an fita waje, musamman idan mutum ya juya kansa ko ya dafe kunnensa da hannu. Alamar wannan matsala ita ce sauti ya gyaru nan take idan aka ciro waya aka riƙe ta a gaban ƙirji.

Dalili na biyu shi ne cunkoso a kan zangon, domin ba bulutut kaɗai ke amfani da gigahaz 2.4 ba. Wayifai ma a nan yake aiki, kuma tasharsa guda ɗaya tana da faɗin da ya kai kusan tashoshin bulutut 20, wato kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na filin gaba ɗaya. Tun daga shekarar 2003 aka ƙara wa bulutut dabarar gane tashoshin da ke da hayaniya ya daina sauka a kansu, amma dabarar tana da iyaka, domin idan na'urorin wayifai uku ko fiye suka mamaye wuri ɗaya, tashoshin da suka rage masa ba su da yawa. Wannan ne ya sa sauti ke yawan yankewa a wuraren da wayoyi suka taru, irin su kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko tashar mota, ko ɗakin taro. Akwai kuma cunkoson da mutum ke haddasa wa kansa, wato ya kunna Hotspot a wayarsa yana raba wa wasu data alhali yana sauraro da iyafis. A wayoyi da yawa bulutut da wayifai eriya ɗaya suke amfani da ita, suna karɓa-karɓa, don haka duk lokacin da wani ya fara sauke babban bidiyo, rabon bulutut yana raguwa. Na'urar ɗumama abinci mai aiki da igiyar rediyo ita ma tana kan wannan zango, kuma tana iya yanke sauti idan aka tsaya kusa da ita tana aiki.

Dalili na uku shi ne nauyin sautin da ake aikawa. Hanyar matse sauti iri-iri ce, kuma kowace tana da sunan da ake gani a cikin saitin waya. Wadda kowane iyafis na sauraron kiɗa da karatu ya sani ita ce SBC, wadda a mafi kyawun saitinta na yau da kullum take aika kimanin kilobit 328 a daƙiƙa, kilobit kuwa ma'auni ne na yawan bayanai. Wata mai suna LDAC, ta kamfanin Sony, tana da matakai uku, 330 da 660 da 990, kuma mataki na sama ya ninka na SBC sau uku. Idan hanya tana ɗauke da kaya mai yawa haka, ba ta da sauran lokacin sake aiko ƙunshin da ya lalace, saboda haka iyafis mai tsada da aka saita a kan 990 yana iya sarƙewa a inda mai araha ke aiki lami lafiya. A wayoyin Android ana rage wannan nauyi ta hanyar kashe HD audio ko LDAC a shafin iyafis ɗin da ke cikin saitin Bluetooth, idan wayar tana da wannan zaɓi.

Kafin a ɗora wa bulutut laifi, wajibi ne a tabbatar cewa ba intanet ne ke yankewa ba, domin karatu ko waƙar da ake saurara kai tsaye daga intanet takan tsaya idan sabis ya yi rauni, kuma a kunne abin yana kama da sarƙewar bulutut. Gwajin mai sauƙi ne: a kunna sautin da aka riga aka ajiye a cikin waya. Idan ya tafi sumul, to iyafis ba shi da laifi. Idan shi ma ya sarƙe, sai a gwada iyafis ɗin da wata waya a wuri ɗaya, domin a gane ko matsalar tana bin iyafis ne ko tana bin waya. Batirin da ya kusa ƙarewa ma yakan kawo yankewa, don haka ana yin duk waɗannan gwaje-gwaje ne bayan an cika caji.

Dalilin shirun kunne ɗaya

Iyafis mai ƙwaya biyu da babu wata waya a tsakaninsu yana da haɗi biyu ne, ba ɗaya ba: haɗin waya da iyafis, da kuma haɗin da ke tsakanin ƙwayar dama da ta hagu. A irin tsarin da ya fi yawa a cikin tsofaffi da masu araha, ƙwaya ɗaya ce ke magana da waya, ana kiranta jagora, ita ce kuma ke miƙa wa 'yar'uwarta rabonta na sauti ta kewayen kai. Sababbi da yawa suna barin ƙwayoyin biyu su saurari waya kai tsaye, amma duk da haka suna bukatar su san juna domin su daidaita lokaci. Idan haɗi na biyu ya warware, waya za ta ci gaba da nuna Connected saboda jagora tana nan, ɗayar kuwa ta zama kamar baƙuwa. Alamar da ke tona wannan matsala ita ce a ga sunan iyafis ɗin ya fito sau biyu a jerin na'urorin da waya ta hango, ko kuma fitilar ƙwayar da ta yi shiru ta riƙa walƙiya kamar mai neman haɗi. Abin da ya fi jawo haka shi ne a ciro ƙwaya ɗaya kaɗai a haɗa ta da wata waya, ko batirin ɗaya ya mutu gaba ɗaya alhali ɗayar tana aiki.

Sai dai ba kowane shiru ne na haɗi ba, kuma mafi yawan lokuta dalilin ya fi haka sauƙi. Kowace ƙwaya tana da ƙaramin batirinta, tana kuma shan caji ne ta wasu 'yan ɗigo na ƙarfe da ke jikinta, waɗanda ke taɓa 'yan ƙusoshi masu sifirin a cikin akwatin caji. Gumi da maiƙon fata da ƙura suna taruwa a kan waɗannan ɗigo har su yi baƙi ko kore, kuma a ƙasashen da hunturu ke zuwa da ƙura mai laushi abin yana saurin faruwa, musamman ga wanda ke ajiye akwatin a aljihu. Idan ɗigon ya rufe, ƙwayar za ta kwana a akwati ba ta sha caji ba, da safe mai ita ya ɗauka ta lalace. Haka kuma bakin ƙwayar yana da 'yar raga mai ƙananan huji, wadda dauɗar kunne ke toshewa sannu a hankali, sai sauti ya yi ta raguwa a gefe ɗaya har ya zama kamar babu. Daga ƙarshe akwai saitin waya da ke karkata sauti dama ko hagu, wanda aka tanada domin masu raunin ji a kunne ɗaya, kuma yaro mai wasa da waya yana iya ture shi ba tare da kowa ya sani ba.

Ana rarrabe waɗannan dalilai ta hanyar lura da abin da ƙwayar ke yi a daidai lokacin da aka ciro ta daga akwati aka sa a kunne, domin yawancin iyafis suna yin wata 'yar ƙara ko murya idan sun kunnu. Idan ƙarar ta fito da ƙarfi, lasifikar ƙwayar da batirinta lafiya suke, matsalar kuwa tana wurin haɗi ko saitin waya. Idan ta fito can ƙasa-ƙasa, raga ce ta toshe. Idan babu ƙara kuma babu fitila, to caji ne bai shiga ba, ko batiri ya mutu.

Misali dalla-dalla

A ɗauki misalin wani tela da ke sauraron karatu da iyafis yayin da yake ɗinki, wanda wata safiya ya tarar ƙwayar hagu ta yi shiru, ta dama kuma tana aiki. Matakin farko shi ne ya duba saitin waya, domin shi ne mafi sauƙi kuma ba ya cin ko kwabo. A wayar Android zai shiga Settings, ya nemi Accessibility, sannan ya duba Audio balance ya tabbatar alamar tana tsakiya, ko da yake wurin da aka ajiye wannan saiti yana ɗan bambanta daga wani kamfani zuwa wani. A iPhone ma a ƙarƙashin Accessibility yake, da sunan Balance. A wannan misali telan ya tarar alamar tana tsakiya, saboda haka ya wuce mataki na gaba.

Mataki na biyu shi ne ya mayar da ƙwayoyin biyu cikin akwati yana lura da fitila. Da ya sa ta dama fitila ta kama, da ya sa ta hagu ba ta kama ba sai da ya danna ta da yatsa, kuma da ya saki ta sake mutuwa. Wannan ya nuna cewa batirin yana iya karɓar caji amma ɗigon ƙarfen ba ya taɓa ƙusa yadda ya kamata. Sai ya samo auduga a kan ɗan tsinke, ya ɗiga mata sifirit kaɗan yadda za ta yi danshi ba tare da ta jiƙe ba, ya goge ɗigon jikin ƙwayar da ƙusoshin cikin akwati, ya kuma danna kowace ƙusa a hankali don ya ga tana shiga tana dawowa. Ragar bakin ƙwayar kuma ya share ta da busasshen buroshin haƙori mai laushi, yana riƙe da ita bakinta na kallon ƙasa domin dattin ya zubo waje. Ba a amfani da ruwa a wannan aiki, ba a kuma soka allura, domin allura tana huda raga ta tura datti ciki, wani lokaci har ta yaga fatar lasifika. Bayan sifirit ya bushe ya mayar da ƙwayoyin, fitila ta kama da kanta, ya bar su kamar rabin awa.

Da ya ciro su, ƙwayar hagu ta yi ƙarar kunnuwa da ƙarfi amma karatu bai fito ta cikinta ba, kuma sunan iyafis ɗin ya bayyana sau biyu a waya, abin da ke nuna cewa mutuwar batirin ta raba ta da 'yar'uwarta. Gyaran wannan shi ne mataki na uku, wato a sa su manta da komai su sake sanin juna, kuma jerin aikin yana da muhimmanci. Da farko ya shiga saitin Bluetooth ya danna Forget ko Unpair a kan duk sunan iyafis ɗin da ya gani, sannan ya kashe bulutut na wayar gaba ɗaya, domin idan yana kunne ƙwaya ɗaya za ta yi saurin kama waya kafin ta nemi 'yar'uwarta. Daga nan ya yi abin da takardar iyafis ɗinsa ta ce game da mayar da shi kamar sabo, wanda a yawancin iri shi ne danne maɓallin akwati, ko bayan ƙwayoyin biyu a lokaci guda, na daƙiƙa 10 zuwa 15 har fitila ta canza launi. A AirPods masu maɓalli a bayan akwati, alal misali, ana danne shi kimanin daƙiƙa 15 da murfi a buɗe har fitila ta yi ruwan goro sannan ta koma fari. Bayan haka ya ciro ƙwayoyin biyu tare, ya ajiye su kusa da juna na ɗan lokaci har ɗaya ta daina walƙiya, sannan ya kunna bulutut ya haɗa da suna ɗayan da ya bayyana, sauti kuwa ya dawo kunnuwa biyu.

Iyakar gyaran gida

Akwai lokacin da waɗannan matakai ba za su yi amfani ba, kuma sanin haka yana hana ɓata lokaci. Batirin da ke cikin kowace ƙwaya ƙarami ne ƙwarai, kuma ƙarfinsa yana raguwa da yawan caji, ta yadda bayan shekara biyu ko uku na amfanin yau da kullum yakan kasa riƙe wuta kamar da. Zafi yana gaggauta wannan tsufa, saboda haka barin akwati a rana ko a cikin motar da aka rufe lokacin bazara yana rage masa kwana. Idan ƙwaya tana nuna ta cika amma ta mutu bayan 'yan mintoci, batirinta ya ƙare, kuma da yake yawancin ƙwayoyi a manne suke da gam, sauya shi aiki ne na ƙwararre wanda kuɗinsa kan kusanci na sabon iyafis idan mai araha ne. Ƙwayar da ta kumbura, ko bakin haɗinta ya buɗe, ko take zafi sosai lokacin caji, ba a sake sa ta a kunne ko a akwati, ba a kuma jefa ta cikin wuta. Haka nan ƙwayar da aka sayo daban don maye gurbin wadda ta ɓata ba lallai ne ta haɗu da tsohuwar ba ko da kamanninsu ɗaya, don haka a gwada su tare a gaban mai sayarwa kafin a biya.

Tambayoyi

1. Me ya sa waya ke iya nuna Connected alhali sauti yana yankewa?
2. Bayyana dalilin da ya sa iyafis ke aiki lafiya a ɗaki amma ya sarƙe a fili.
3. Wane gwaji ne ke bambanta raunin intanet da matsalar bulutut?
4. Ƙwaya ta yi ƙarar kunnuwa can ƙasa-ƙasa, wata kuma ba ta yi ƙara ba sam. Mene ne matsalar kowace?
5. Me ya sa ake kashe bulutut na waya kafin a sake haɗa ƙwayoyin biyu da juna?

Aikin gwaji

Kowane ɗalibi ya samu iyafis, nasa ko na aro, ya saurari sautin da ke ajiye a waya a yanayi uku: waya a hannu, waya a aljihun baya a fili, da kuma waya a hannu an kunna Hotspot wani yana sauke bidiyo. Ya rubuta abin da ya ji a kowane yanayi ya kawo aji. A wannan aiki, da ma duk lokacin da ake neman gano matsala, a riƙa canza abu ɗaya kawai a sake saurara kafin a taɓa na gaba, domin wanda ya canza abubuwa uku a lokaci guda ba zai san wanne ne ya yi maganin ba, kuma idan matsalar ta dawo sai ya sake farawa daga tushe.